Kakar da ke cewa "mijito": yaya za ta yi magana da Hausa?

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani gajeren labari daga Sifaniyanci, na ƙasar Meziko, kuma akwai wata tsohuwa a ciki da ta hana ni ci gaba. Ba ta buɗe baki sai ta liƙa wa ƙarshen kalma ito ko ita, wato abin da suke ƙanƙanta kalma da shi, kamar ɗan da 'yar a wurinmu. Ga abin da ta ce wa jikanta da ya shigo gida ruwa ya ba shi kashi:

"Ven, mijito, siéntate un ratito. Te hice un caldito calientito. Pobrecito, vienes mojadito. Ahorita te traigo tus tortillitas."

Guda takwas a cikin jimla huɗu. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan da 'yar, ga abin da ke fitowa: "Zo, ɗan ɗana, ka zauna ɗan lokaci. Na yi maka ɗan romo mai ɗan zafi. Ɗan talaka, ka zo a ɗan jiƙe. Ɗan yanzu zan kawo maka 'yan tortiyoyinka." Tortiya wata irin wainar masara ce tasu. Ku da kanku kun ji, babu tsohuwar da ke magana haka. Idan kuma na share su duka sai ta koma kamar mai sayar da abinci a tasha, alhali duk labarin a kan taushin zuciyarta yake tafiya. Yaya kuke ganin zan yi?

Malam Na-Zazzau:
Wa'alaikumus salam. Hajiya, ni ban ga abin wahala ba. Hausa tana da nata, kuma kin riga kin kama shi: ɗan, 'yar, 'yan. Muna cewa 'yar tsohuwa, ɗan yaro, 'yar gona, har a kan aikatau muna cewa ɗan jira ni, ɗan matsa. Matsalar yawa ce kawai. Ki bar biyu ko uku, sauran ki riƙa canzawa da ƙarami, ƙanƙani, mitsitsi, sai kunne ya huta.

Likita Habana:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Rabin maganarka na yarda da ita, wato a rage. Amma idan aka sa ƙanƙani da mitsitsi a gurbin sauran, an gyara sauti ne an ɓata ma'ana, domin a cikin takwas ɗin nan da wuya a samu biyu da ke nufin ƙanƙanta. Na yi karatun likita a Kuba, kuma marasa lafiya tsofaffi haka suke magana da mu dare da rana, shi ya sa kunnena ya saba.

Bari mu bi su. Caldito ba ɗan romo kaɗan ba ne. Wataƙila ma kwanon cike yake fal. Abin da ito ɗin ke faɗa shi ne "da hannuna na yi maka, don kai na yi". Idan aka rubuta "ɗan romo" mai karatu Bahaushe zai ji ko dai abincin ya yi kaɗan, ko tsohuwar tana ƙasƙantar da kyautarta. Na biyun yana kusa, amma ba shi ba ne.

Calientito ya fi haɗari. "Mai ɗan zafi" a Hausa yana nufin ya fara hucewa. A bakin tsohuwar kuwa akasin haka ne, zafinsa daidai yake, mai daɗin sha ga wanda ya kwaso sanyi. Haka mojadito: yaron ya jiƙe sharkaf, tausayi ne ya sa ta tausasa kalmar. A kan sifa, ito sau da yawa ƙarfafawa yake yi. Igualito shi ne kama sak. Cerquita shi ne dab da wuri. Calladito shi ne tsit. Limpiecito shi ne fes ko tas. Tempranito shi ne da sassafe. Kun ga Hausa tana da kayan wannan aikin, sai dai ba a ɗan suke ba, a amsa-kama suke.

Pobrecito kuma babu ruwansa da talauci. Ko ɗan gwamna ya faɗi ya kurje gwiwa za a ce masa pobrecito. Wannan shi ne "Allah sarki" ɗinmu, ko "wayyo bawan Allah".

Malam Na-Zazzau:
Na karɓi ta calientito, Likita. Amma ratito fa? Ai "ɗan lokaci" daidai yake.

Likita Habana:
Daidai yake, shi ne ma wurin da ɗan ya fi cancanta a duk maganar. Sai dai ni zan ɗauke shi daga kan suna in ɗora a kan aikatau: "zauna ka ɗan huta". Sifaniyanci yana tausasa umarni ta hanyar taɓa sunan da ke kusa, mu kuma muna taɓa aikatau ɗin kansa, ko mu rufe da "mana", "dai", "ka ji?". Mai cewa "espérame tantito" da mai cewa "ɗan jira ni mana" abu ɗaya suke yi.

Akwai kuma wani rami da nake so Hajiya ta kula da shi tun kafin ta kai shafukan gaba. Ɗan da 'yar a gaban suna suna da wani aikin da ya girmi na ƙanƙantarwa, wato dangantaka. Mamita idan aka bi ta da 'yar sai ta zama "'yar uwa". Papito ya zama "ɗan uba", kuma kowa ya san abin da ɗan uba yake nufi a gidan Bahaushe. Abuelita ta zama "'yar kaka". Mercadito, ƙaramar kasuwar unguwa, idan aka yi sakaci da jinsi ya zama "ɗan kasuwa". Juanito ya zama ɗan da Juan ya haifa, alhali Juan ɗin ne da kansa. A kan sunayen dangi da sunayen mutane, ɗan ba ya aiki sam.

Ɗan Madrid 14:
Ni dai abin da na sani shi ne Chicharito 😄 To me ya sa ba za a bar ito ɗin yadda yake ba? Kowa ya san shi ta ƙwallo. A rubuta Kakita, Musito, mutane za su gane ai.

Likita Habana:
Ƙanena, misalinka ya fi shawararka. Mahaifin Javier Hernández ɗan ƙwallo ne shi ma, ana ce masa Chícharo saboda koren idonsa, chícharo kuwa shi ne koren wake ɗin nan ƙanana. Da ɗan ya taso sai aka ce Chicharito. Nan ne wuri ɗaya da "ɗan Chícharo" ya yi daidai ta fuska biyu. Amma laƙabi ne, kuma ba a fassara laƙabi. Lupita ta zauna Lupita, ba sai an mayar da ita Guadalupe ba. Carlitos ya zauna Carlitos. Liƙa ito a kan kalmar Hausa kuwa zai sa mai karatu dariya a wurin da marubucin yake so zuciyarsa ta yi laushi.

Inna Damagaram:
Sannunku da aiki. Mu nan Nijar yawancin labaran Latin Amurka ta Faransanci muke karanta su, kuma na sha ganin wannan ciwon: petit nan, petite can, har ka gaji. Kada Hausa ta gaji wannan.

Ni tsohuwa ce mai jikoki, don haka bari in faɗa muku inda muke zuba ƙauna idan muna magana. Ba ma taɓa romo, ba ma taɓa kwano. A kan kira muke zubawa. Ɗan albarka. Ɗan lele. Shalele. Autana. Kuma tsakanin kaka da jika akwai wasa, ni jikana namiji maigidana nake ce masa, ko angona, macen kuma kishiyata. Idan na ce "maigida, zo ka ci tuwo kafin ya huce", na gama faɗar duk abin da waccan tsohuwar ta faɗa da ito takwas. Ki sa kira guda mai nauyi a farkon magana, 'yata, sauran jimlolin za su sha daga gare shi.

Maman Nana:
Inna, na gode, wannan maganar ta kira ta buɗe min ido. Amma "maigidana" ina tsoronsa. Tsohuwar nan a wani ƙauye take a jihar Oaxaca, tana da gunkin Maryamu a kusurwar ɗaki da kyandir a gabansa. Wasan kaka da jika irin namu babu shi a labarin. Idan ta ce "angona" na ɗauko ta na ajiye ta a Zinder ko Kano, kuma mai karatu zai zaci su ma suna wannan al'adar.

Inna Damagaram:
To ai "ɗan albarka" ma namu ne. Duk abin da za ki sa a bakinta Hausa ne. Ina iyakar take?

Likita Habana:
Inna, ranki ya daɗe, tambayar tana da nauyi. Ni ga inda nake ja layi. Akwai kalmar da ke ɗauke da ji kawai, akwai wadda ke ɗauke da al'ada sukutum. "Ɗan albarka" ji ne, kowace kaka a duniya tana sa wa jika albarka, kuma tsofaffin Meziko suna yi sosai, har da alamar gicciye a goshi. "Angona" kuwa yana jawo wani tsari na zumunci wanda marubucin bai rubuta ba. Na farkon aro ne na harshe, na biyun ƙari ne a kan labari.

Haka kuma ta ɗaya ɓangaren. Uwa Bahaushiya ta gargajiya ba ta kiran ɗan fari da sunansa, balle ta ce masa "ɗana" a gaban mutane. Uwar Meziko tana cewa mijito ko da ɗan ya yi furfura. A nan bai kamata a sa mata alkunya ba. A bar ta ta ce "ɗana", mai karatu ya ji cewa a can haka ake yi.

Malam Na-Zazzau:
Wannan ya tuna min da abin da muka karanta a zaure. Larabci yana da tasgiri, kuma malamai sun ce yana zuwa don ƙanƙantarwa, don ƙauna, don raini, da don nuna kusanci. Husaini daga Hasan, Ubaidu daga Abdu. A Suratu Luƙman "ya bunayya" ya zo sau uku, kuma a tafsiri ana cewa "ya ƙaramin ɗana", sannan malami ya ƙara da bayani cewa lallashi ne da tausasawa, ba wai yaron jariri ba ne. To mai tafsiri yana da damar ƙara bayani. Mai fassara labari ba shi da ita, dole jimlar ta ɗauki kanta. Ina ganin rabe-raben nan huɗu za su yi wa Hajiya amfani: kowane ito ta tambaye shi a wanne yake.

Likita Habana:
Sun yi daidai ƙwarai, Malam. Masanin harshe Amado Alonso ya yi rubutu a kan wannan a 1935, inda ya nuna cewa a Sifaniyanci aikin nuna ji ya rinjayi na nuna girma. Hujjar da kowa zai iya gwadawa ita ce idan mai magana da gaske yake nufin abu ƙarami ne, yakan ƙara sifa, ya ce "una casita pequeña". Da casita kaɗai ta isa, da bai ƙara ba. Mutum yana iya kiran gidansa mai ɗaki shida "mi casita", kamar yadda Alhaji zai ce "ka zo ka ga 'yar bukkata".

Ina ƙara na biyar a kan huɗun Malam: waɗanda suka daskare. Mosquito sauro ne, ba ɗan ƙuda ba, ko da yake daga mosca ya fito. Señorita budurwa ce ko malama. Bolsillo aljihu ne. Tortilla kanta daga torta take, amma illa ɗin da ke ƙarshenta, wanda shi ma irin ita ne, ya mutu tuntuni, shi ya sa tsohuwar ta iya ƙara wani a kai ta ce tortillitas. Waɗannan ba a neman musu komai.

Baban Almeriya:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, muna gona. Ina aiki a kudancin Sifen. Abin da zan ce shi ne kada ku ɗauka duk ito ƙauna ce. Wani mai gona da na yi wa aiki idan ya ce "tengo un trabajito para ti", ka san aikin da zai karya maka baya ne. Idan ya ce akwai "problemita" da kuɗin wata, to ba za a biya a kan lokaci ba. Kuma idan aka ce wa wani señorito a nan, zagi ne, ɗan masu kuɗi da bai san wahala ba. Nan Andalusiya ma illo suka fi so, chiquillo, har abokai suna kiran juna "quillo". Mutanen Sifen ba sa zuba shi kamar 'yan Ekwador da 'yan Kolombiya da muke aiki tare.

Maman Nana:
Baban Almeriya, Allah ya ba da sa'a. Akwai irin wannan a labarin. Surukar tsohuwar, 'yar birni, ta kira likitan ƙauyen "el doctorcito ese".

Baban Almeriya:
To wannan raini ne tsantsa. Ese ɗin da ya biyo baya shi ne shaida.

Malam Na-Zazzau:
A nan kam ɗan ɗina ya dawo da ƙarfinsa. "Wani ɗan likitan nan naku." Ko "wannan wai shi likita". Haka trabajito da problemita: "akwai wani ɗan aiki", "an sami 'yar matsala". Mu ma da shi muke rufe babban abu.

Likita Habana:
Babu musu, Malam. A wurin raini da wurin rage nauyin roƙo ko mummunan labari, ɗan da ito kamar tare aka haife su. "Un favorcito" ita ce "wata 'yar alfarma". Inda suke rabuwa shi ne ƙauna ga dangi da ƙarfafa sifa. Kuma a lura, doctorcito ɗin nan idan tsohuwar ce ta faɗa wa likitan a fuskarsa, ba tare da ese ba, girmamawa ce da lallashi, sai a ce "likita, Allah ya yi maka albarka". Kalma ɗaya, baki biyu, fassara biyu.

Saura ahorita, wadda na bari da gangan. A Meziko tana iya zama yanzun nan, tana iya zama an jima, tana iya zama hanyar ƙin abu cikin ladabi. A Kuba kuwa idan aka ce ahorita ana nufin an jima ko ɗazu, idan ana son yanzu-yanzu sai a ce ahora mismo. Don haka sai an san ƙasar labarin, sannan a duba abin da ya biyo baya. Hajiya, tsohuwar ta kawo tortiyar nan take?

Maman Nana:
Ta tashi nan take, a jimla ta gaba tana gaban murhu. Amma ɗanta, uban yaron, yana cewa "ahorita vengo" ya fita, bai dawo ba sai bayan kwana biyu.

Inna Damagaram:
Wannan ai "ina zuwa" ne. Namiji ya saka hula ya ce "ina zuwa", sai dai ki ji labarinsa.

Likita Habana:
Shi ne, Inna, ba ƙari ba ragi. Na tsohuwar "yanzun nan", na ɗanta "ina zuwa".

Maman Nana:
To ga yadda na sake shi:

"Zo nan ɗan albarka, zauna ka ɗan huta. Ga romo na yi maka, da zafinsa. Allah sarki, duk ka jiƙe sharkaf. Bari in kawo maka tortiyarka yanzun nan, ka ji?"

Mijito ya koma kira. Ratito ya hau aikatau. Caldito ya narke cikin "ga" da "na yi maka". Calientito ya zama "da zafinsa". Pobrecito "Allah sarki", mojadito "sharkaf". Tortillitas ban ba shi komai a kan sunan ba, "ka ji?" ta ƙarshe ce ta biya bashinsa. Me kuka gani?

Inna Damagaram:
Yanzu na ji tsohuwa. Amma ki cire sharkaf. Mai tausayi ba ta tsayawa siffanta jiƙewar, "duk ka jiƙe" ta isa. Sharkaf bakin mai ba da labari ne, ko mai shirin yin faɗa. Kuma "da ɗuminsa" ya fi "da zafinsa" taushi, zafi yana ƙona baki.

Malam Na-Zazzau:
Ni ina tare da sharkaf, Inna, domin shi ne ya riƙe ƙarfin mojadito. Amma ga wani abu: har yanzu akwai ɗan biyu a jimlar farko, "ɗan albarka" da "ɗan huta". Ba maimaicin da muke gudu ba ne?

Likita Habana:
Kunnen Bahaushe ba ya ƙirga su abu ɗaya, Malam, saboda "ɗan albarka" ya zama kalma guda kamar ɗan sanda. Abin da ke gundura shi ne ɗan mai aiki iri ɗaya a gurbi iri ɗaya, suna bayan suna. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a karanta da ƙarfi. Idan harshe ya fara tsalle a kan ɗan, ɗan, 'yar, ya yi yawa. Ni a aikina ba na barin na ƙanƙantarwa ya wuce ɗaya a numfashi ɗaya na mai magana. A Sifaniyanci ito wutsiya ce, yana zuwa a ƙarshen kalma ya wuce da sauri. Ɗan kuwa kalma ce mai tsayawa a gaba, dole a taka ta kafin a kai ga sunan, shi ya sa uku ma suna da nauyi. Kamar gishiri ne, nasu ya narke a miya, namu gaya ne a kan harshe.

A kan sharkaf ina bayan Inna. "Duk" ɗin ya riga ya yi aikin.

Hajiya Mai Littafi:
Ni mai karatu ce kawai, ba na jin Sifaniyanci, amma akwai abin da ke damuna. Kun ce tsohuwar ba ta buɗe baki sai da ito. To wannan ai halinta ne, marubucin da gangan ya cika mata baki da shi. Kun gyara ta ta zama kaka mai daɗin magana, amma ta rasa wannan alamar da za a gane ta da ita ko ba a faɗi sunanta ba. Wani maimaicin ai ba kuskure ba ne.

Maman Nana:
Hajiya, kin taɓa inda yake min ciwo. Surukar ba ta amfani da shi ko sau ɗaya sai don raini, kuma a ƙarshen labarin, bayan tsohuwar ta rasu, ta ce wa yaron mijito karo na farko. Idan mai karatu bai saba jin kalmar a bakin tsohuwar ba, wannan wurin ya mutu.

Likita Habana:
To wannan ya canza lissafi, kuma Hajiya Mai Littafi ta yi gaskiya. Maimaicin da za a kashe shi ne na nahawu, wanda harshen ya saba da shi har masu shi ba sa jinsa. Wanda marubuci ya gina a kansa dole ya rayu. Shawarata ita ce mijito ya sami fassara ɗaya tak daga farko har ƙarshe, kada a canza ta don ado. Idan "ɗan albarka" ne, to ko'ina "ɗan albarka", kuma kada wani ya furta shi a labarin sai tsohuwar, har ranar da surukar za ta faɗa. Sannan a ba tsohuwar ɗabi'ar baki guda, misali rufe magana da "ka ji?", a hana surukar ita. Sauran ito ɗin duka a watsa su cikin amsa-kama da aikatau kamar yadda aka yi a sama.

Malam Na-Zazzau:
Amma uban yaron fa? Shi ma ba mijito take ce masa ba? Ɗa da jika duk "ɗan albarka"?

Maman Nana:
Mijo take ce masa, babu ito. Zan bar shi "ɗana". Wannan ya zo da sauƙi.

Wanda bai zo da sauƙi ba: tana kiran ƙanwar yaron "mi negrita", daga kalmar baƙa, wata maƙwabciya kuma "gordita", daga kalmar mai ƙiba.

Ɗan Madrid 14:
Wannan kalmar ce ta ja wa Cavani! Yana Manchester United a 2020 ya rubuta wa abokinsa "gracias negrito", hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wasa uku da tarar fam dubu 100.

Likita Habana:
Haka aka yi, kuma a Uruguay mutane da yawa sun yi ta cewa kalmar ƙauna ce a wurinsu. A yankin ana faɗa wa masoyi ko da ba baƙi ba ne. Amma akwai baƙaƙen Latin Amurka da ba sa son ta, kuma na zauna da wasunsu, don haka ba zan ce wanke take tas ba. A bakin kaka ga jikarta dai ƙauna ce. Hausa ba ta rasa irin wannan ba, muna da "'yar baƙa" da "baƙa kyakkyawa", muna da "'yar lukuta" ga yarinya mai ƙiba. Idan yarinyar ta fi 'yan gidan duhu a labarin, "'yar baƙata" ta yi. Idan launinta bai shigo ko'ina ba, "'yar lelena" ta fi aminci.

Inna Damagaram:
"'Yar lukuta" ga yarinya ne. Maƙwabciya babbar mace ba a ce mata haka a fuska sai ƙawar wasa. Ki duba shekarunsu.

Baban Almeriya:
Su fa suna faɗa, Inna. Miji yana kiran matarsa gorda a gaban baƙi, tana amsawa da murmushi. Idan aka goge an ɓoye wani abu na rayuwarsu.

Maman Nana:
Sa'o'in juna ne, tare suka yi 'yanmatanci. Ina jin zan bar "lukuta" sau ɗaya inda suke zolayar juna, sauran in sa "ƙawata". Ban gama yanke shawara ba.

Na ƙarshe. Idan tana addu'a tana cewa "Diosito" da "Virgencita". A nan hannuna ya ƙi rubuta komai.

Malam Na-Zazzau:
Ɗan ba ya kusantar wannan wurin ko kusa. A nahawun Larabci ma an hana yi wa sunayen Allah tasgiri. "Ya Ubangijina" za ki sa, "na" ɗin ya ɗauki kusancin.

Mama Rifkatu:
Ina bin ku tun ɗazu. A coci da Hausa muke addu'a, kuma tsofaffinmu suna cewa "ya Uba", "Ubana na sama", "ya Ubangiji mai jinƙai". Tunda tsohuwar Kirista ce, ki ba ta bakin Kirista Bahaushe, akwai shi a shirye. Virgencita kuwa 'yan Katolika suna cewa "Uwa Maryamu" ko "Uwarmu Maryamu". Ni ba Katolika ba ce, ki tambayi wanda yake can don ki tabbatar da wadda suka fi faɗa a gida.

Likita Habana:
Na yarda da "Uwarmu Maryamu". A kan Diosito kuwa raina bai kwanta ba. "Ya Ubangijina" yana da girma da tsoro a ciki, "ya Uba" ya fi kusa amma har yanzu na mai durƙuso ne. Diosito na mai hira ne, tsohuwar tana magana da shi tana tsintar wake, har ƙorafi take kai masa kamar wanda suka saba. Wataƙila a bar sunan da girmansa, a sassauta abin da ke biye: "Ya Uba, kai dai ka san halin da nake ciki, ka duba min yaron nan mana."

Malam Na-Zazzau:
"Mana" a cikin addu'a, Likita? Ni kunnena bai karɓa ba.

Mama Rifkatu:
Kakata tana faɗa, Malam, idan ita kaɗai ce a ɗaki. A gaban jama'a ne ba ta yi.

Maman Nana:
A ɗaki take ita ma, da dare, yaron yana barci. Zan rubuta shi iri biyu, da "mana" da babu, in karanta wa wasu tsofaffi biyu a unguwarmu in ji wanda suka karɓa. Mama Rifkatu, idan kin amince zan turo miki shafin addu'ar gaba ɗaya ki duba min kafin nan.